Yadda ake gane zamanin ginin ƙasa daga tubali, rufi da zanen bango

A unguwar Birni ta Damagaram, ko a tsofaffin unguwannin Tawa da Agadas, sau da yawa akan nuna wa baƙo gida a ce ya shekara ɗari biyu, alhali wataƙila bai kai saba'in ba. Haka kuma akan rushe zaure mai tarihi saboda an shafe shi da siminti, ana zaton ginin jiya ne. Abin da ke kawo wannan kuskure shi ne ginin ƙasa yana sauya fuska kusan kowace shekara. Damina na cin yaɓe, a sake wani, don haka abin da ido ke fara gani shi ne mafi ƙarancin shekaru a jikin ginin. Masu nazarin gine-gine suna bi ne daga ciki zuwa waje: tubali tukuna, sannan rufi, sai ado a ƙarshe.

Tubali

Wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne inda yaɓe ya zube, galibi gindin bango ko ƙarƙashin indararo. Tubalin gargajiya na Hausa da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana, a jera shi tsinin na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon da aka yi da shi yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, kusurwoyinsa kuma a lanƙwashe suke. Irin wannan aiki ne ake gani a ragowar ganuwar Damagaram, wadda aka gina a zamanin Sarki Tanimun cikin ƙarni na 19.

Bulon ƙasa mai kusurwa huɗu, wanda ake bugawa a cikin akwatin katako, ya yaɗu ne a zamanin mulkin mallaka, wato bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Bangonsa kauri ɗaya ne daga ƙasa har sama, layukansa a miƙe, kusurwarsa da kaifi. Idan aka ga irin wannan bulo a gindin bango, to da wuya ginin ya girmi ƙarni na 20. Amma ganin tubalin hannu ba ya tabbatar da tsufa, domin magina sun ci gaba da amfani da shi shekaru da dama bayan zuwan bulo.

Rufi

Bayan bango sai a shiga ciki a ɗaga kai. Azara, wato tsagin itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita 2. Wannan iyaka ce ta tsara fasalin tsofaffin ɗakuna. Magini ko dai ya yi ɗaki siriri, ko ya kafa ginshiƙai a tsakiya, ko kuma ya ɗaura bakan gizo: ya riƙa fito da azara daga bango biyu, gaɓa bisa gaɓa, yana ɗaurewa yana yaɓewa, har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna, su ne ke ɗaukar tulluwar da ake hange daga waje. Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a farkon rabin ƙarni na 19.

Ɗaki mai faɗin mita 4 ko 5 da ba shi da ginshiƙi kuma ba shi da baka, to akwai ƙarfe ko katakon kanti a rufinsa, ko da an lulluɓe samansa da ƙasa. Wannan rufi na baya-bayan nan ne. Sai dai rufi ake yawan sauyawa, don haka yana iya zama ƙanen bangon da ke ɗauke da shi da shekaru hamsin.

Ado

Zanen bango ne ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi ruɗarwa. A tsofaffin fadoji da masallatai, ado mai nauyi a ciki yake, a jikin bakuna da ginshiƙai, an mulmula shi da ƙasa mai kauri. Cika fuskar gida da zane tun daga ƙofar zaure har zankwaye ya fi bunƙasa ne a ƙarni na 20, lokacin da ƴan kasuwa suka samu kuɗin gyaɗa da fatauci suka so a gani.

Abu biyu ake dubawa a nan. Na farko, abin da aka yi zanen da shi: wanda aka tayar da ƙasa aka shafe da makuba daban yake da wanda aka karce a jikin ɗanyen siminti aka bi da fentin kanti. Na biyu, abin da aka zana. Dagi da takobi da allo sun daɗe, ba su nuna shekara. Amma keke, agogo, mota ko jirgin sama ba za su bayyana a bango ba sai bayan mutanen garin sun san su. Ƙa'idar ita ce, kowace alama tana faɗin lokacin da aikin ba zai girme shi ba, kuma hukuncinta ya tsaya kan ɓangaren da take jikinsa kawai.

Misalin masallacin Yama

Masallacin Juma'a na garin Yama, a jihar Tawa, ya nuna amfanin wannan taka-tsantsan. Mai kallo daga nesa zai ga ginin ƙasa mai tulluwa da hasumiyoyi huɗu, ya ɗauka tsaran masallacin Agadas ne, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 16. Amma a 1962 magini Falke Barmu ya fara shi, kuma a lokacin ɗaki ne mai kusurwa huɗu da layukan ginshiƙai, ba wani ado.

Jikin ginin da kansa yana nuna matakansa. An yi bangon da bulon ƙasa mai kusurwa huɗu, alamar ƙarni na 20. A tsakiyar ɗakin salla akwai fili inda layin ginshiƙai ya katse: a gyaran 1975 ne aka cire ginshiƙi, aka ɗora tulluwa, aka sake rufin da bakuna. Hasumiyoyin huɗu kuwa babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, kuma an ƙara su ne daga baya, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Wanda ya dogara da bakan gizo kaɗai zai mayar da shi ƙarni na 19, ya yi kuskuren fiye da shekara ɗari.

Iyakar abin da ido ke gani

Alama ɗaya ba ta isa hukunci. Sai tubali da rufi da ado sun yi daidai da juna ake cewa gini na zamani ɗaya ne. Idan suka saɓa, to an yi shi ne hawa-hawa, kuma kowane hawa da shekarunsa. Ko hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 an sake gina ta a 1844. Ido yana iya raba ƙarni da ƙarni, wani lokaci ya raba zamanin kaka da na jika, amma ainihin shekara sai an haɗa da bakin dattawan gidan, da zuriyar magina, da tsofaffin hotuna. Shi ya sa kafin a rushe bango ko a shafe shi da siminti, ya kamata a ɗauki hoton inda yaɓe ya zube da na ƙarƙashin rufi, domin nan ne shaidar take.