Wuraren da aka hana ajiye mota a bakin titi, da dalilan hanin

Ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya, a doka ta 243, sun gargaɗi direba da kada ya ajiye mota daura da mahaɗar hanya, ko a cikin tazarar mita 10 daga gare ta. Dalilin shi ne gani. Motar da aka ajiye a kan kwana tana tare wa mai fitowa daga ƙaramin layi ido, sai ya cusa gaban motarsa cikin babban titi kafin ya hango mai tahowa. Shi kuwa mai tahowar, in yana gudun kilomita 48 a awa, yana buƙatar kimanin mita 23 kafin ya tsaya cak, ko da titin a bushe yake. Yaro mai tsallakawa ya fi kowa shiga haɗari, domin tsawonsa bai wuce na motar ba.

A tashar bas, idan aka tare wurin, bas ba za ta iya matsowa bakin daɓen masu tafiya a ƙasa ba, dole fasinja su sauka a kan titi. Haka ma inda aka rage tudun bakin daɓen: nan ne mai keken guragu ke gangarowa, kuma mota ɗaya ta isa ta tilasta masa dogon zagaye.

Batun famfon kashe gobara ya fi tsanani a birnin New York, inda doka ta ce a bar ƙafa 15, wato kusan mita huɗu da rabi, a kowane ɓangarensa. Mesar 'yan kwana-kwana na sandarewa idan ta cika da ruwa, kuma lanƙwasa ta don kauce wa mota na rage ƙarfin ruwan da ke isa ga wutar.