Yadda sallama ta zama gaisuwar Musulmi

Kafin Musulunci, Larabawa suna gaisawa ne da fatan a wayi gari cikin ni'ima, sarakuna kuma suna da tasu gaisuwar ta daban wadda ba a yi wa talaka. Ibn Hisham ya kawo labarin Umairu bn Wahb, wanda ya iso Madina bayan yaƙin Badar a shekarar 624 da takobi a rataye, da niyyar kashe Annabi (SAW). Da ya shiga sai ya yi gaisuwar jahiliyya. Annabi ya shaida masa cewa Allah ya ba Musulmi wadda ta fi ta, wato sallama, gaisuwar 'yan Aljanna. A zaman nan Umairu ya musulunta.

Asalinta ya girmi Madina nesa ba kusa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da aka halicci Annabi Adamu, an umarce shi ya yi wa mala'iku sallama ya saurari amsarsu, domin ita ce gaisuwarsa da ta zuriyarsa. Da suka amsa sai suka ƙara masa da roƙon rahama.

As-Salam sunan Allah ne. Mai cewa "Assalamu alaikum" addu'ar aminci yake yi maka, yana kuma ɗaukar alkawari cewa ba za ka ga cuta daga gare shi ba. A ƙasar da matafiyi ke tsoron duk wanda ya hango a hanya, wannan alkawari ba ƙaramin abu ba ne.

Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ce ta tsara amsa: a mayar da wadda ta fi, ko a mayar da irinta. Cikakkiyar amsa ita ce "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu", kuma nan ta tsaya. A Muwaɗɗa Malik, wani mutumin Yaman ya yi ƙari bayan "wa barakatuhu", Ibn Abbas ya ce sallama ta ƙare a kan albarka. Fara sallama sunna ne, amsawa wajibi, amma idan mutum ɗaya cikin jama'a ya amsa ya ɗauke wa sauran.

To, wa zai fara? Wanda ke kan abin hawa shi ke yi wa mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune, 'yan kaɗan su yi wa masu yawa, ƙarami ya yi wa babba. Abin da ya fi burge ni shi ne na mahayi, domin a da mai doki ko raƙumi shi ne mai ƙarfi, sai aka ce shi zai fara. Saboda haka mai babur da ya tsaya a majalisa shi ke da alhakin sallama, ko da shi ne mai kuɗin unguwar. Babba ma ba a hana shi farawa ba: Anas bn Malik ya kan yi wa yara sallama idan ya wuce su, yana cewa haka Annabi yake yi.