Agogo Biyu a Kan Ma'aikaci: Tarihin Shekarun Ritaya a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ƙasar Zazzau ta dā, alƙali ko hakimi ba ya barin muƙaminsa domin ya cika wasu shekaru. Ko dai rai ya yi halinsa, ko sarki ya tuɓe shi, ko ya yi murabus. Ƙidayar shekaru da fansho sun biyo Turawa ne, musamman dokar fansho ta 1951, sannan dokar soja mai lamba 102 ta 1979. Daga ƙarshe ƙa'idar aikin gwamnati ta tsaya a kan agogo biyu: shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, wanda duk ya riga cika. A ganina, wanda ya fahimci waɗannan agogo biyu ya fahimci abin da ya sa malami da alƙali da soja ba sa ajiye aiki lokaci ɗaya.

Bari in fara da malami. A 1976, shekarar da aka kafa ƙaramar hukumar Ikara, wadda daga baya aka fitar da Maƙarfi da Kudan daga tsohon yankinta, aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta. Makarantu suka yawaita, aka ɗebi samari suna fitowa daga kwalejojin horon malamai. Mu ƙaddara wani ya kama alli a Hunƙuyi a wannan shekara yana ɗan shekara 20. Agogon haihuwa zai bar shi har 2016, amma agogon aiki ya sallame shi tun 2011, yana da shekara 55, da sauran ƙarfinsa. Tun da tare aka ɗauke su, tare suka fita, makarantun karkara suka rasa ƙwararrunsu kusan lokaci guda.

Irin wannan giɓi na cikin abin da dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta nufi toshewa, inda ta mai da wa'adin malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Da a ƙarƙashinta malamin namu ya yi aiki, da sai 2016 zai sauka. Sai dai jihohi da ƙananan hukumomi ne ke biyan malaman firamare, don haka dokar ba ta isa aji sai jiha ta karɓe ta. Kaduna ta amince da ita a 2025.

Shi kuwa alƙali, a makare yake hawa kujera. Tsarin mulkin 1999 ya shardanta wa lauya shekara 10 da samun izinin aiki kafin ya zama alƙalin Babbar Kotu, 15 kafin Kotun Ƙoli. Shari'a kuma aiki ne da ke nuna da daɗewa. Akwai dalili na biyu: an rubuta wa'adin a cikin tsarin mulki, sashe na 291, domin kada gwamna ya rage shi ya kori wanda hukuncinsa bai yi masa daɗi ba. Dā alƙalan Kotun Ƙoli da ta Ɗaukaka Ƙara ne kaɗai ke kaiwa 70, sauran 65, har Yunin 2023 da Shugaba Tinubu ya sa hannu aka daidaita manyan kotuna duka a 70. Wannan sashe bai haɗa da majistare ko alƙalin ƙaramar kotun Musulunci da ke zama a Maƙarfi ba. Su dokokin jiha suke bi.

Soja akasin alƙali ne. Matashin Kudan da ya shiga makarantar horon kuratan sojoji ta Zariya yana ɗan shekara 18 zai cika 35 a aiki yana da 53. Aikinsa jiki yake ci. Ga hafsoshi kuma, kowane muƙami da iyakar shekarunsa, wanda bai samu ƙarin girma a kan kari ba sai ya ba da wuri, domin kujerun sama kaɗan ne. Saboda wannan bambanci aka cire sojoji a 2011 daga tsarin fanshon karo-karo da aka kafa a 2004.

Raunin tsarin yana wurin agogon haihuwa. Da yawa daga tsofaffin ma'aikatan yankin an haife su babu rajista, sai takardar rantsuwa a kotu, wadda ke da sauƙin rage wa mutum shekaru. Masu tantancewa kan gane ta hanyar gwada ta da shaidar gama firamare: wanda lissafi ya nuna ya gama aji bakwai yana ɗan shekara 6, takardarsa ta tona kanta. Agogon aiki ya fi wuyar murɗawa, domin takardar kama aiki tana ɗauke da rana.

Kowace shekara da aka ƙara wa tsohon malami kuwa jira ce ga mai takardar NCE da ke noman rake a Maƙarfi yana sauraron gurbi. Saboda haka nake ganin ƙarin shekara 5 zai amfani ɗalibi ne kawai idan an ci gaba da ɗaukar sababbin malamai kaɗan-kaɗan kowace shekara, su koyi aiki a hannun na gaba da su, kada a maimaita ɗibar 1976 da fitar 2011.