Tarihin Ratar Kwata a Cacar Ƙwallon Ƙafa

Ratar kwata wani reshe ne na cacar da kamfanoni ke rubutawa Asian Handicap, inda ake ɗora wa ƙungiya mai ƙarfi bashin ƙwallo tun kafin a take leda. Dabarar ba da rata ta girmi wannan tsari, domin ana danganta yaɗuwarta a Amurka ga Charles McNeil a shekarun 1940. Sai dai salon da ya dace da ƙwallon ƙafa a Asiya ya girma. Yawancin marubuta na cewa Indunusiya ce mahaifarsa, amma ciniki ne na bayan fage da dillalai ba su ajiye masa takardu ba, don haka duk wanda ya yanke shekarar farawarsa ya wuce abin da hujja ta ba shi. Shekarar da za a iya dogara da ita ita ce 1998, lokacin da ɗan jaridar Birtaniya Joe Saumarez Smith ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi yanzu. Daga nan intanet ta kai shi Turai.

Abin da ya haifar da kwata shi ne yawan kunnen doki. A manyan gasannin Turai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasanni canjaras ake tashi. A ratar 0 ana mayar wa mutum kuɗinsa idan aka yi canjaras, a ratar -0.5 kuwa ya yi asara gaba ɗaya, saboda haka tazarar farashi tsakanin layukan biyu tana da faɗi. Dillalin da ke son ɓangarorin biyu su yi kusan daidai yana buƙatar matakalar tsakiya, sai ya raba kuɗin mai caca gida biyu, rabi a kan kowane layi. Wannan ya sa har yanzu wasu kamfanoni ke rubuta -0.25 a matsayin 0/-0.5. Kwata caca biyu ce a tikiti ɗaya, kuma duk lissafinta daga nan yake fitowa.

A ɗauka mutum ya zuba naira 10,000 a kan masu masaukin baƙi a -0.25, farashi 1.90. Idan sun ci wasa, rabi biyun duk sun ci, ya karɓi 19,000. Idan aka doke su, komai ya tafi. Idan aka yi canjaras, 5,000 da ke kan 0 ta dawo, 5,000 da ke kan -0.5 ta salwanta. Wannan ce rabin asara. Wanda ya ɗauki baƙi a +0.25 da farashi iri ɗaya, canjaras ɗin nan rabin nasara ce gare shi: 5,000 ta dawo, ɗaya 5,000 ta zama 9,500, jimla 14,500, ribarsa 4,500 ke nan maimakon 9,000. A -0.75, wadda ta haɗa -0.5 da -1, sakamakon da ke raba tikiti shi ne nasara da ƙwallo ɗaya tak: rabi ya ci, rabi ya dawo, a biya 14,500, canjaras kuma asara ce cikakkiya. Tunda rabin ƙwallo ne kawai tsakanin layukan biyu, ba ya yiwuwa rabi ya ci ɗaya rabin ya faɗi. Tikitin da ya nuna haka an yi kuskure wajen biyansa.

Wasu na cewa tsarin ya rikita abu mai sauƙi. Akwai gaskiya a ciki, musamman a tikitin da aka jera wasanni da yawa, inda rabin nasara a 1.90 ke komawa 1.45, rabin asara kuma 0.5, sai mutum ya ga kuɗinsa sun ragu alhali babu wasan da ya faɗi ɗungurungum. Amma wanda ya tsaga layin gida biyu ya lissafa kowanne shi kaɗai ba zai ruɗe ba.

Da'awar da ta fi yaɗuwa ita ce kwata ta fi aminci tunda rabin kuɗi na dawowa. Misalin -0.25 da +0.25 da ya gabata ya isa amsa. Mutum biyun sun zuba 20,000. Idan aka samu mai nasara, kamfani ya biya 19,000 ya riƙe 1,000. Idan canjaras ne ya biya 19,500 ya riƙe 500. Kwata tana rage girman faɗuwa a sakamako guda ɗaya, kuma an riga an cire kuɗin wannan rangwame daga farashi, shi ya sa -0.25 ke biya ƙasa da -0.5 a wasa ɗaya. Muddin kuɗin ɓangarorin biyu sun yi daidai, babu sakamakon da kamfani ke fita hannu rabbana.