Rushewar kiriyatin a cikin abin sha

Kiriyatin (C4H9N3O2) wani sinadari ne da ake samu a tsokar mutum da nama da kifi. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Michel Eugène Chevreul, shi ne ya gano shi a shekarar 1832. Masu ɗaga ƙarfe da 'yan wasa suna shan garinsa, yawanci giram 3 zuwa 5 a rana. Busasshen garin yana shekaru bai lalace ba, amma da zarar an dama shi da ruwa sai ya fara rushewa sannu a hankali.

Dalilin rushewa

A cikin ruwa, ƙwayar kiriyatin tana lanƙwashewa, bakinta biyu su haɗe kamar zobe, ta saki ƙwayar ruwa guda. Abin da ya rage shi ake kira kiriyatinin (C4H7N3O), wanda ba ya amfanar tsoka, ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Abubuwa biyu ne ke hanzarta wannan sauyi: tsami da zafi.

Tsawon lokaci

Ana auna tsami da ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, kuma lambar tana raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa. A ruwan da ba shi da tsami, abin da ke rushewa cikin yini guda kaɗan ne ƙwarai. Gwaji ya nuna cewa bayan kwana 3 a zafin digiri 25, kashi 4 cikin ɗari ne ke rushewa a pH 5.5, kashi 12 a pH 4.5, sannan kashi 21 a pH 3.5. Sanyin firji yana rage saurin rushewar.

Misali

Idan mutum a Kangire, cikin ƙasar Birnin Kudu, ya zuba giram 5 a ruwan lemon zaƙi, wanda tsaminsa ke kusa da pH 3.5, ya ajiye kwana 3, zai rasa kimanin giram 1. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a kudancin Jigawa, asarar za ta fi haka. Zoɓo da ruwan tsamiya su ma masu tsami ne. Wanda ya dama ya sha nan take kuwa, ko da me ya dama, kusan babu abin da ya rasa.

Yadda ake ganewa

Ba a gane rushewar da ido, sai da gwaji a ɗakin bincike. Garin da ke kwanciya a gindin kofi ba alamar lalacewa ba ne. Lita guda ta ruwa tana narkar da giram 14 ne kawai a digiri 20, don haka kofi mai rubu'in lita ba ya ɗaukar fiye da giram 3.5. Sauran yana nan da amfaninsa, sai a ƙara ruwa a motsa a shanye.