Daga Rothamsted zuwa Samaru: tarihin raba gonar gwaji rukuni-rukuni

A shekarar 1919 aka ɗauki Ronald Fisher aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, aka danƙa masa alkaluman girbin da suka taru tun 1843. Matsalar da ke cikinsu tsohuwa ce: kowane taki yana da yankinsa guda a gonar alkama, shekara da shekaru. Idan yanki ya yi albarka, ta yaya za a san ko takin ne ko ƙasar? A 1926 ya wallafa maƙala kan tsara gwajin gona, inda ya bayyana mafita: a raba gona rukuni-rukuni, kowane rukuni ƙasarsa iri ɗaya, a sa duk abin da ake gwadawa a cikin kowanne, kuma ƙuri'a ta zaɓi gurbin kowane abu. Wannan tsari ya zama ruwan dare a tashar Samaru ta Zariya, wadda aka kafa a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, haka ma a tashar IITA da ke Abomey-Calavi, nan kusa da Kwatano.

Mu ƙaddara gonar dawa ce mai gangare: tudu, tsakiya, da kwari kusa da fadama. A kowane rukuni an shuka tsohon iri da sabo. Tsohon ya ba da kilo 10 a tudu, 15 a tsakiya, 21 a kwari. Sabon ya ba da 12, 18 da 22. Wanda ya haɗa su a jimlace zai ce ba a gane komai ba, domin tsohon iri a kwari ya ninka kusan sau biyu abin da sabon ya bayar a tudu. Amma a kwatanta su cikin rukuni: ratar 2 ce, 3, da 1. Laimar kwari ta shafi irin biyu daidai, saboda haka da aka yi ragi sai ta fita daga lissafi, fifikon kilo 2 na sabon iri ya bayyana. Ƙuri'a kuwa tana maganin abin da ido bai gani ba, har da son zuciyar mai gwajin.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, a ganina, shi ne shata rukunin. Dole ya gitta gangaren, kamar kunyar da manomi ke yi don tare ruwa. Idan ya miƙe daga tudu har kwari, bambancin ƙasa ya shige cikinsa, an yi aikin banza. Haka nan idan suri ko gawo ya faɗo a gefe ɗaya na rukuni. Ana ganewa bayan girbi: matsakaicin rukunan zai fito kusan ɗaya, alhali ratar da ke tsakanin irin biyu tana ta hawa da sauka daga wannan rukuni zuwa wancan.