Ɗaya Cikin Biyar: Yadda Aka Koyi Tsinka Dogon Saƙo

Duk hanyar da aka taɓa buɗewa don rubutu ya bi ta waya, an yi mata ƙofa mai iyaka, kuma ba a daɗe ba wani ya zo da kayan da suka fi ƙofar faɗi. Mu da muka yi aikin kula da na'urorin wasiƙa, daga baya muka koma harkar tura tes da yawa a lokaci guda, rabin aikinmu a bakin wannan ƙofa muka yi shi. Yanka rubutu gida-gida ba shi da wuya. Abin da ya ɗauki shekaru kafin ya zauna shi ne bayanin da za a liƙa wa kowane kashi, yadda mai karɓa zai mayar da shi yadda yake ba tare da ya tambayi kowa ba.

A shekarun 1980, lokacin da kwamfutocin jami'o'in Amurka da Turai ke kiran juna ta layin tarho da dare suna miƙa wa juna wasiƙu, saƙo yakan ratsa na'urori da dama kafin ya isa. Da yawa daga cikinsu ba sa yarda da abin da ya haura bayit dubu 64, wasu ma ƙasa da haka. Wata ta dawo maka da saƙonka, wata kuma ta datse masa wutsiya ta wuce da sauran ba tare da ta ce uffan ba, kuma wannan ta biyun ita ce mugunyar. Ga shi hanyar ba ta ɗaukar komai sai haruffan rubutu. A 1980 Mary Ann Horton ta rubuta `uuencode` a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ke mayar da kowane irin fayil zuwa layukan haruffa: kowane bayit 45 ya zama haruffa 60, a gabansu a sa harafin `M` mai nuna layin cikakke ne. Fayil yana kumbura da fiye da kashi ɗaya cikin uku, wato maganin matsala ɗaya ya ƙara wa ɗayar nauyi.

A ce fayil ne mai bayit 200,000. Zai fito layi kusan 4,450, nauyinsa ya kai wajen bayit 275,000. Idan aka yanka shi layi 900 kowane kashi, ko wanne zai tsaya a bayit 55,800, ya bar wa kan wasiƙa wurin zama, a sami kashi biyar.

```
uuencode littafi.zip littafi.zip > littafi.uue
split -l 900 littafi.uue kashi.
cat kashi.* | uudecode
```

Layi biyun farko na mai aikawa ne, na ukun na mai karɓa. `split` zai raɗa musu suna daga `kashi.aa` zuwa `kashi.ae`, sai mutum ya tura kowanne a wasiƙa daban, ya rubuta 1/5, 2/5 da hannunsa a kan saƙon. Mai karɓa kuwa sai ya buɗe kowace wasiƙa ya share kanta da sa-hannun da ke ƙasanta, domin layi ɗaya na gaisuwa da ya maƙale a tsakiya ya isa ya lalata fayil ɗin. Kuma ba a jere suke isowa ba. Na huɗu yakan riga na biyu, na uku ya kwana a hanya.

A wannan wahalar aka koyi ƙananan al'adun da har yau ake amfani da su. Aka koyi rubuta 01 maimakon 1, saboda kwamfuta na jera sunaye harafi bayan harafi, sai ta sa 10 da 11 a gaban 2, ta haɗa maka takarda a birkice ba tare da ta yi ƙorafi ba. Aka koyi tura kashi na sifili, 0/5, wanda ba ya ɗauke da komai sai bayanin abin da ke tafe. Masu rarraba manhaja a cikin kunshin `shar` kuma suka riƙa sa umarnin `wc -c` ya ƙirga haruffan kowane fayil bayan an kwance shi, idan bai yi daidai da adadin da mai aikawa ya rubuta ba, ya yi gargaɗi. Mafi muhimmanci dai shi ne lambar da ke bayan karkataccen layin. Wanda ya karɓi 1, 2, 4 ya san 3 ya ɓata. Wanda ya karɓi 1, 2, 3, 4 kuwa ba shi da hanyar sanin akwai na biyar sai in an gaya masa jimilla.

A watan Yunin 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da ƙa'idar MIME, kuma a ciki suka yi ƙoƙarin karɓe wannan aiki daga hannun mutum. Nau'in `message/partial` yana ɗauke da abu uku: `id`, shaidar da ke nuna duk kashe-kashen na saƙo ɗaya ne, da `number`, da `total`. Sun yarda a bar jimilla a kashin farko-farko idan mai aikawa bai san ta ba tukuna, amma dole ta fito a na ƙarshe. Tunanin ya yi kyau, sai dai bai yi tsawon rai ba. Akwatunan wasiƙa suka faɗaɗa, sannan masu tace ƙwayar cutar kwamfuta suka ga cewa mugun fayil zai iya wuce su gutsure-gutsure ba su gane shi ba, sai wurare da yawa suka toshe nau'in gaba ɗaya. Amma abubuwan nan uku sun rayu, kuma a aljihun kowa suka ƙare.

Tes na farko an tura shi ne ranar 3 ga Disamba, 1992, a kan layin Vodafone a Birtaniya. Wurin da aka ware wa rubutunsa bayit 140 ne kacal, wato bit 1,120. Haruffan GSM bit bakwai-bakwai suke ci, shi ya ba da haruffa 160 ɗin da kowa ya sani. Idan rubutu ya wuce haka, waya ta yanka shi da kanta, ta ɗebi bayit shida daga kowane kashi ta rubuta masa shaida. Ga kan kashi na biyu na saƙo mai kashi uku:

```
05 00 03 A7 03 02
```

Ukun farko suna cewa ne ga bayanin haɗi nan tafe da tsawonsa. `A7` shaidar saƙon ce, `03` jimilla, `02` matsayin wannan kashin. Da aka cire shida daga 140 saura 134, wanda ke ɗaukar haruffa 153. Shi ya sa saƙo mai haruffa 160 feji ɗaya ne, mai 161 feji biyu, kuma feji biyu 306 suke ɗauka, ba 320 ba. Kwastomomi da yawa sun ɗauka cuta ce. Kamfanin layi kuwa kowane kashi yake caji, ko da wayar mai karɓa ta nuna masa su a dunƙule.

Da GSM ta shigo Najeriya a 2001, sai mai rubuta Hausa ya ci karo da wani shingen da mai rubuta Turanci bai san da shi ba. Teburin haruffan GSM yana da na Turanci da wasu na harsunan Turai, daga baya aka ƙara tebura na musamman don Turkanci da Sifaniyanci da harsunan Indiya, amma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon gaba ɗaya yana komawa tsarin UCS-2, inda kowane harafi ke cin bit 16. Feji ɗaya ya dawo haruffa 70, idan kuma an yanka, 67.

A ce makarantar Islamiyya ce za ta tura wa iyaye 500 sanarwar saukar karatu mai haruffa 400. Da haruffan GSM zalla, kashi uku ne: 153, 153, 94, jimillar feji 1,500. Malam ya gyara kalma ɗaya ya sa mata ƙ, sai ta koma kashi shida, biyar masu 67 da na ƙarshe mai 65, feji 3,000. Kuɗi ya ninka a kan lanƙwasa ɗaya. Abin da ya fi yawan kama mutane ma ba lanƙwasar ba ce, alamar hamza ce ta cikin kalmomi irin jama'a da 'ya'ya. Miƙaƙƙiyar tana cikin teburin GSM, amma wadda manhajar rubutu ke lanƙwasawa da kanta ba ta ciki, kuma a ido da ƙyar ake bambanta su. Mun saba idan aka kawo sanarwar da aka kwafo daga takardar ofis, kafin komai sai mu duba ma'aunin fejin: in ya nuna 70 a inda ya kamata ya nuna 160, akwai baƙon harafi a ɓoye. Ina ganin wannan lissafin yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka saba rubuta Hausa ba lanƙwasa a waya, ko da yake madannan wayoyin lokacin ma ba su da haruffan.

Haɗin ma yana lalacewa, kuma kowace lalacewa da kamanninta. In kashi ɗaya ya maƙale a hanya, waya takan jira, wasu tsofaffin Nokia kuma su nuna abin da ya iso da rubutun `some text missing` a gurbin wanda bai zo ba. In saƙo ya iso a warwatse, kowane kashi da kansa, yawanci wata na'ura a tsakiya ta cire bayit shidan nan, ko kashe-kashen sun bi hanyoyi daban sun iso da sunan mai aikawa daban. Mafi ban takaici shi ne saƙo ya fara da sanarwar ɗaurin aure ya ƙare da ta taron iyaye. Wannan laifin shaidar ce. Bayit ɗaya ce, lambobi 256 kawai take da su, kuma akwai manhajar turawa da na gani an rubuta ta da shaida guda da ba ta canzawa, sai waya ta ɗauki kashin farko na wannan ta liƙa wa na biyun wancan. Akwai shaida mai bayit biyu don rage irin wannan karo, kuɗinta harafi ɗaya ne a kowane kashi: 152 da 66.

Yankan hannu bai mutu ba, tunda har yanzu kowane akwatin rubutu yana da iyakarsa. Wanda zai yanka fayil ɗin Hausa da `split -b` ya sani cewa a tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, `C6 99`, kuma wuƙar na iya faɗawa tsakaninsu, ya ga alamar tambaya a ƙarshen wani kashi da farkon na gaba. Yanka a kan layi da `-l` ya fi aminci. Sannan akwatuna da yawa suna share sararin da ke farko da ƙarshen abin da aka liƙa, don haka in aka yanka a tsakiyar jimla, kalmomi biyu na iya mannewa wajen haɗi. Ƙarshen sakin layi ne wurin yanka.

Marubutan littattafan Hausa da ke sakin labari feji-feji a waya sun gano lamba da sunan littafi a saman kowane feji da kansu, wato shaida da matsayi. Jimilla ce ba sa iya bayarwa, domin galibi ana karantawa ne suna kan rubutawa. Sai su yi abin da ƙa'idar 1992 ta yarje: su bar ta a buɗe, sai a fejin ƙarshe su rubuta tammat.